Yadda Za Mu Lissafa GPA Daga Hoton Takardar Sakamako

A ƙarshen kowane zangon karatu, 'ya'yanmu da ke jami'a kan ɗauki hoton sakamakonsu daga fuskar waya su turo gida. Mai biyan kuɗin makaranta, ko yana Nima ko yana Jidda, sai ya ga haruffa a jere, A da B da C, da wata lamba a ƙasa an rubuta GPA a gefenta. Wannan lambar ita ce matsakaicin sakamakon yaro, kuma ita masu ba da tallafin karatu kan fara dubawa, ita ce kuma ke nuna irin digirin da ya nufa. Lissafinta bai fi na kasuwa wuya ba. Abin da ake bukata shi ne biro da takarda da kalkuletar waya, sai kuma ma'aunin da makarantar ta buga a jikin takardar.

Abubuwa uku da za mu nema a hoton

Kowane kwas yana da layinsa. A layin za mu ga sunan kwas, sai lamba ƙarama a ƙarƙashin Credit, sai harafi a ƙarƙashin Grade. Kiredit shi ne nauyin kwas, kuma yawanci yana bin yawan sa'o'in da ake koyar da shi a mako. Kwas mai kiredit 4 ya ninka mai kiredit 2 nauyi. Harafin kuwa shi ne abin da yaro ya ci a kwas ɗin.

Abu na uku shi ne ma'auni, wato jadawalin da ke faɗin darajar kowane harafi da lamba. Yakan zo a ƙasan takardar ko a bayanta, galibi da rubutun Grade Point a kansa. Idan hoton bai kama shi ba, mu ce yaro ya turo wannan sashen ma kafin mu fara komai. Ga ma'aunin Jami'ar Ghana da ke Legon, wanda za mu yi aiki da shi:

A, maki 80 zuwa 100, daraja 4.0
B+, maki 75 zuwa 79, daraja 3.5
B, maki 70 zuwa 74, daraja 3.0
C+, maki 65 zuwa 69, daraja 2.5
C, maki 60 zuwa 64, daraja 2.0
D+, maki 55 zuwa 59, daraja 1.5
D, maki 50 zuwa 54, daraja 1.0
E, maki 45 zuwa 49, daraja 0.5
F, maki 0 zuwa 44, daraja 0

Dalilin da ya sa muka nace a kan ma'aunin da ke jikin takardar shi ne kowace makaranta da nata. Yaron da ya ci maki 72 a Legon ya sami B mai daraja 3.0. Takwaransa a yawancin jami'o'in Nijeriya, inda ma'auni ke kaiwa 5, ya sami A mai daraja 5 da wannan makin. Haka kuma 3.60 a Legon ya kai matakin digiri mai daraja ta ɗaya, amma a ma'aunin 5 sai an kai 4.50. Jami'ar KNUST ta Kumasi ma ba GPA take rubutawa ba, CWA take rubutawa, wanda ake lissafawa da makin kansa bisa ɗari. Don haka kada mu gwada lambar ɗanmu da ta ɗan maƙwabci sai mun san ma'aunin kowannensu.

Lissafin, mataki-mataki

Mu ɗauka wata ɗaliba ta turo hoto mai kwas shida. A kowane layi za mu nemo darajar harafin a ma'auni, sannan mu ninka ta sau yawan kiredit ɗin kwas ɗin.

Kwas na ɗaya: kiredit 3, A, wato 3 sau 4.0, ya ba da 12
Kwas na biyu: kiredit 3, B+, wato 3 sau 3.5, ya ba da 10.5
Kwas na uku: kiredit 3, C+, wato 3 sau 2.5, ya ba da 7.5
Kwas na huɗu: kiredit 2, A, wato 2 sau 4.0, ya ba da 8
Kwas na biyar: kiredit 3, B, wato 3 sau 3.0, ya ba da 9
Kwas na shida: kiredit 4, D, wato 4 sau 1.0, ya ba da 4

Yanzu sai tarawa biyu. Da farko mu tara abin da kowane layi ya bayar: 12 da 10.5 da 7.5 da 8 da 9 da 4 sun zama 51. Sannan mu tara kiredit ɗin duka: 3 da 3 da 3 da 2 da 3 da 4 sun zama 18. Mataki na ƙarshe shi ne mu raba 51 gida 18. Kalkuleta za ta nuna 2.8333, mu kuma mu tsaya a lamba biyu bayan ɗigo. GPA ɗin wannan ɗaliba 2.83 ne.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane ko hannu ya zame a kan kalkuleta. Amsar dole ta faɗo tsakanin mafi ƙanƙantar daraja da mafi girma a cikin haruffan da yaron ya samu. A nan tsakanin 1.0 ne da 4.0. Idan muka ga 8.5, to da yawan kwas muka raba maimakon yawan kiredit.

Me ya sa sai an ninka da kiredit?

Mutane da yawa kan tara darajar haruffan kawai su raba da yawan kwas. A misalinmu, 4.0 da 3.5 da 2.5 da 4.0 da 3.0 da 1.0 sun zama 18, a raba gida 6 a sami 3.00 cif. Lamba ce mai daɗin ji, amma ba ita makaranta za ta rubuta ba. Mai sayar da hatsi ya san dalili. Idan ya sayar da mudu biyu da tsada, ya sayar da mudu huɗu da araha, ba zai haɗa farashin biyu ya raba biyu ya ce matsakaicin cinikinsa ke nan ba, domin inda aka yi arahar nan kaya suka fi yawa. Haka A a kwas mai kiredit 2 ba ya iya rufe D a kwas mai kiredit 4.

Tazarar 3.00 da 2.83 kamar ba wani abu ba ce, amma a Legon a daidai 3.00 ne aka ja layi tsakanin digiri mai daraja ta biyu babba da mai daraja ta biyu ƙarama. Idan kuma wani tallafin karatu ya gindaya sharaɗin 3.00, gidan da ya yi lissafin ba tare da kiredit ba zai saki jiki yana ganin an haye, alhali da saura.

Inda hoto kan ɓatar da mu

Fuskar waya gajera ce, sau da yawa layin ƙarshe ba ya shiga hoto. A ce kwas na shida ne ya yanke. Abin da ya rage zai ba da 47, kiredit kuma 14, sai lissafi ya fito 3.36 maimakon 2.83. Hanyar ganewa ita ce mu gwada kiredit ɗin da muka tara da jimillar da makaranta ta rubuta a ƙasa. Idan ta ce 18 mu kuma mun sami 14, akwai layin da ba mu gani ba. Ba lallai ne da gangan aka yi ba, don haka ba sai an fara da zargi ba. A ce kawai a turo hoto na biyu da ya kama ƙasan shafin, ko a turo cikakkiyar takardar.

Sai alamar + da kan dushe idan hoto ya bi ta hannu da yawa. B+ da B rabin daraja ne tsakaninsu, kuma a kwas mai kiredit 3 wannan ya kai 1.5 a jimilla. Mu buɗa hoton da yatsu mu tabbatar. Idan akwai makin kwas a gefe, shi zai raba gardama: 76 B+ ne, 73 kuwa B.

Kwas da aka faɗi ma yana da tarko. F darajarsa sifili ce, amma kiredit ɗinsa ba ya fita daga abin rabawa. Da kwas na shida F ne, jimilla za ta zama 47, a raba gida 18, a sami 2.61. Wanda ya tsallake layin don ya ga babu komai a ciki zai raba gida 14, ya koma ga 3.36 ɗin nan da ba gaskiya ba. Harafin I kuwa, inda ya bayyana, yana nufin aikin kwas ɗin bai kammala ba, don haka lambar na iya canzawa idan sakamakonsa ya fito. Kwas da aka maimaita kuma ya danganta da ƙa'idar makaranta: wasu na ƙirga zama biyun, wasu na maye gurbin tsohon da sabo. Littafin ƙa'idojin ɗalibai ne ke faɗin wannan.

Daga GPA zuwa CGPA

GPA na zango ɗaya ne. CGPA kuwa na duk zangunan da yaro ya yi ne, kuma hanyar ba ta canza ba: a tara jimillar kowane zango, a tara kiredit ɗin kowane zango, a raba. Ba a haɗa GPA biyu a raba biyu, sai idan kiredit ɗin zangunan ya zo daidai.

Da wannan za mu iya sanin abin da ake bukata a gaba. A ce wannan ne zangon farko na ɗalibarmu, kuma za ta sake ɗaukar kiredit 18. Kiredit zai zama 36, kuma don CGPA ya kai 3.00 tana bukatar 36 sau 3, wato 108. Tana da 51, saura 57. Idan ta ci B a kowane kwas za ta sami 54, bai isa ba. Amma idan biyu daga cikin kwasa-kwasan masu kiredit 3 suka zama B+, an sami ƙarin 3, ta kai 57 daidai. Ka ga maimakon a ce mata ta ƙara ƙoƙari kawai, an san inda ƙoƙarin zai tafi, kuma kwas mafi nauyi shi ya fi cancantar lokacinta.

A kula cewa a Legon ba CGPA ne kai tsaye ke yanke darajar digiri ba. Ana fitar da FGPA a ƙarshe, inda shekara ta uku da ta huɗu ke da nauyi ninki biyu na shekara ta farko da ta biyu. Wanda ya yi rauni a farko yana da damar gyarawa, wanda kuma ya fara da kyau bai kamata ya yi sake ba.

Idan mun bi duk matakan nan, hoton ya cika, amma lambarmu ta saɓa da wadda aka buga da fiye da 0.01, sai yaro ya je ofishin sashensa da takardar a duba masa tun kafin zango ya yi nisa.