Tambayar Sayyidina Umar: Da Ba Naka Ba Ne, Za Ka Ba Shi?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ya 'yan'uwa, darasinmu na yau a kan wata jarrabawa ce da take zuwa wa muridi sanye da rigar zumunci. An damƙa maka aikin jama'a, sai ga naka yana nema, ga bare shi ma yana nema. Wa za ka ba?

Imam Malik ya kawo wata ƙissa a Muwaɗɗa, a babin ƙirali. Abdullahi da Ubaidullahi, 'ya'yan Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da su, sun fita da runduna zuwa Iraƙi. Da za su komo suka biya wurin Abu Musal Ash'ari, gwamnan Basra. Ya ba su bashin kuɗin baitulmali da yake son aikawa Madina, don su sari kaya su sayar a can, su miƙa uwar kuɗi, riba ta zama tasu. Suka ci riba kuwa. Da suka iso, Umar ya tambaye su ko dukan rundunar aka ba irin wannan bashi. Suka ce a'a. Ya ce to, don su 'ya'yan Amirul Muminina ne aka ba su, su kawo uwar kuɗi da riba. Abdullahi ya yi shiru. Ubaidullahi ya ce ai da kuɗin sun salwanta su za su biya. Daga ƙarshe aka mai da abin ƙirali, baitulmali ya karɓi uwar kuɗi da rabin riba.

Ku lura, ba a saci ko sisi ba, kuma baitulmali bai yi asara ba. Abin da Umar ya gani shi ne ƙofar da aka buɗe wa mutum biyu saboda sunan ubansu.

Mu kawo abin gida. A ɗauka 'yan zawiya a Sabon Maci, cikin ƙasar Dakwaro, sun tara gero buhu 50 da kaka, don a sayar wa mabuƙata da rahusa idan rumbuna sun yi ƙasa da damina. Ana neman mai awo da zai riƙe littafi, ladansa jika 15 a wata. Muƙaddami yana da ɗan ƙanwa marar aikin yi, uwar kuma ta aiko tana kuka. Ga wani baƙo da ya zo cin rani, ya iya lissafi, an san shi da gaskiya, amma ba shi da kowa a garin.

Matakin farko, malam ya tambayi kansa: geron na wane ne? Da gonarsa ce yake neman ɗan ƙwadago, ya ɗauki ɗan ƙanwarsa, har ya ƙara masa lada. Hadisi ya tabbatar cewa sadaka ga ɗan'uwa lada biyu gare ta, na sadaka da na zumunci. Amma wannan geron amana ce, kuma ba a sada zumunci da dukiyar wani.

Mataki na biyu, ya faɗa wa jama'a a fili cewa ɗaya daga cikin masu neman nasa ne, ya janye daga zaɓen. Dattawa uku su gwada su. A ba kowa buhu, ya auna da tiya, ya rubuta abin da ya fita da kuɗin da suka shigo, a ga wanda lissafinsa ya daidaita. Idan ɗan ƙanwar ya fi, a ba shi ba tare da kunya ba, domin hana shi saboda tsoron bakin mutane shi ma zalunci ne. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya roƙi a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna, kuma ya ambaci dalili, wato ya fi shi fasahar harshe.

Yaya za ka gane son zuciya ya shiga? Alamar tana bayyana ranar bincike. Buhu yana ɗaukar tiya wajen 40. Idan mai awo yana rage tiya guda a kowane buhu, tiya 50 sun tafi, fiye da buhu ɗaya ke nan na abincin marayu. Da bare ne, nan take za a kira shi. In naka ne, sai ka ji harshenka ya yi nauyi, kana tunanin fuskar ƙanwarka. Wanda ba za ka iya tuhuma ko sallama ba, kada ka ɗora shi a kan amanar jama'a. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta umurce mu da tsayuwa kan adalci ko da a kan kanmu ne, ko iyaye da makusanta.

Ƙanwar kuwa haƙƙinta bai faɗi ba. Malam ya je da ƙafarsa ya yi mata bayani, ya ɗebi gero a rumbunsa ya kai mata, ya nema wa yaron jari ko sana'a daga aljihunsa. Wannan ya fi nauyi ga rai, don a nan kai ne ka biya, a can jama'a ce za ta biya maka.

Allah Ya tsarkake zukatanmu daga son kai, Ya ba mu ikon riƙe amana da zumunci tare, albarkar Annabi da shehunnanmu. Amin.