Yadda A Ke Mai Da Tsarin Darussa Jadawali

Sa'ad da aka aike ni gwajin koyarwa a wata makaranta ta ƙasar Isa, kan hanyar Sabon Birnin Gobir, babban malami ya miƙo mini takarda ya ce ga tsarin darussan aji uku. Da na duba, sai na tarar zance ne zube kamar wasiƙa. Ga abin da ta ƙunsa:

"Kullum a fara da Lissafi, ban da Jumma'a, ran nan Addini ne. Turanci ya bi bayan Lissafi ran Litinin da Laraba da Alhamis, ran Talata kuwa shi ne na ƙarshe. Hausa ta zo gab da hutu kullum, sai dai ran Talata Labarin Ƙasa ya ci darasi biyu a jere. Bayan hutu, Addini ran Litinin da Laraba, Aikin Hannu ran Alhamis. Ran Jumma'a a tashi in an buga ƙararrawar hutu."

To, 'yan'uwa, wanda ya riƙe irin wannan takarda, ko wace safiya sai ya karance ta duka kafin ya san abin da zai koyar. Maganin abin shi ne a zana jadawali, watau gidaje jere kamar na dara.

Da fari kada ka rubuta sunan darasi ko ɗaya. Jera ranaku a gefe, sa'an nan ka jera lokatai a bisa. A makarantar nan darasi minti 40 ne, ana farawa da ƙarfe 8, ana hutu daga 10 zuwa 10.30, bayan hutu kuma saura darasi guda. Ranaku 5 sau darasi 4, gida 20 ke nan. Ka soke gidan ƙarshe na Jumma'a tun da wuri, saura 19. Riƙe wannan adadi, da shi za ka auna aikinka.

Sa'an nan ka bi takarda jimla jimla, kana ja wa wadda ka gama layi. Fara da waɗanda suka ambaci rana da lokaci sosai. Waɗanda suka rataya ga wani darasi, kamar "ya bi bayan Lissafi", a dakata da su sai Lissafin ya sami gidansa. Lura ƙwarai da "ban da" da "sai dai", gama nan ne a kan yi tuntuɓe. In jimla ta ce "kullum", kada ka yi garajen cika gida biyar, karanta ta har ƙarshe, ka fara sa abin da aka keɓe. Ni da na yi gaggawa na sa Hausa ran Talata, sai da na goge. Sabo da haka da fensir a ke wannan aiki. Darasin da ya ci gida biyu kuma a rubuta shi sau biyu.

| | 8.00 | 8.40 | 9.20 | 10.30 |
|---|---|---|---|---|
| Litinin | Lissafi | Turanci | Hausa | Addini |
| Talata | Lissafi | Labarin Ƙasa | Labarin Ƙasa | Turanci |
| Laraba | Lissafi | Turanci | Hausa | Addini |
| Alhamis | Lissafi | Turanci | Hausa | Aikin Hannu |
| Jumma'a | Addini | ? | Hausa | Tashi |

Yanzu sai ƙidaya. Lissafi 4, Turanci 4, Hausa 4, Addini 3, Labarin Ƙasa 2, Aikin Hannu 1. Duka 18, alhali kuwa gidajenmu 19 ne. Ashe darasi na biyu na ran Jumma'a ba shi cikin takarda sam. Na karanta ta sau uku ban gane ba, sai da jadawali ya tona. Da ban zana ba, da ran nan yara sun zauna minti 40 suna kallona ban shirya kome ba.

Gidan da ya saura wofi, kada ka cika shi da zato. Na koma wurin babban malami na ce, "Ranka ya daɗe, me a ke yi a nan?" Ya duba, ya ce, "Af! Tsabta ce, na mance." Haka kuma in darasi biyu suka faɗa gida ɗaya, tambaya za ka yi.

Amma akwai abin da gidaje ba su iya ɗauka, shi ne sharaɗi. In an ce da damina, kadan gulbin Bunsuru ya kawo har yaran ƙetare suka makara, a jinkirta Lissafi, wannan sai a rubuta shi ƙarƙashin jadawali.

Daga ƙarshe ka ba wani jadawalin ya karanta maka rana rana, kai kuwa kana bin takardar asali da yatsa. In sun dace, sai ka bi da tawada, ka kafa shi jikin bango kusa da allo.