Minti biyun farko

'Yata, an ce ranar Litinin ke za ki shugabanci kwamitin ɗaukar malamai a makarantarku. Masha Allah. Kin tambaye ni me za ki ce idan mai neman aiki ya shigo ya zauna. To, matso kusa.

Ki fara tuna daga ina ya fito. Wataƙila tun asuba yake tasha. Ya zauna a benci awa biyu, takardunsa na jiƙewa da gumin hannu. In kika jefa masa tambaya a haka, tsoronsa za ki auna, iliminsa kuwa yana can a ƙulle. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Amma fuska kaɗai ba ta isa ba, domin abin da ke firgita mutum shi ne rashin sanin abin da ke tafe. Sai ki faɗa masa.

Ki rubuta a takarda, ki ajiye a gabanki. Ga irin wadda nake karantawa:

"Malam, barka da zuwa. Ya hanya? Ga ruwa nan kusa da kai. Ni ce shugabar makaranta. Wannan mataimakina ne, wannan kuma malamar lissafi. Za mu ɗauki kamar minti 30. Tambayoyi biyar gare mu, kuma su muke yi wa duk wanda ya zo. Bayan nan za mu ba ka alli ka koyar da mu darasi na minti biyar, kamar mu 'yan aji huɗu ne. Za ka ga muna rubutu kana magana. Kada ya dame ka, don kada mu manta da amsarka ne. In ba ka gane tambaya ba, ka ce a maimaita. In kana son ka ɗan yi tunani, ka yi, ba gaggawa. Za mu yi tambayoyin da Hausa, darasin kuma da Turanci. A ƙarshe mun bar maka minti biyar ka tambaye mu. Sakamako kuma za mu kira ka a waya cikin mako biyu, ko an dace ko ba a dace ba. Akwai abin da bai fito maka ba kafin mu fara?"

Shi ke nan. Ba ta kai minti biyu.

Zancen rubutun nan, kada ki tsallake shi. Ni da kaina na koya da wuya. Wata shekara, a wata makaranta da na yi aiki, wata yarinya tana ba mu amsa mai kyau a kan yadda ake rarraba yara rukuni-rukuni a aji mai cunkoso. Daɗi ya kama ni, na sunkuya ina rubutawa. Ina ɗagowa na ga ta yi shiru, idonta a kan birona. Ta ɗauka kuskurenta nake lissafawa. Daga nan muryarta ta shige ciki, amsoshinta suka koma "e" da "a'a". Laifina ne. Jimla ɗaya tun farko da ta hana wannan.

Haka zancen harshe. Wani zai yi ta kokawa da Turanci don yana zaton shi ake aunawa, alhali ku dabararsa kuke son ji. Ki raba masa tun farko: nan Hausa, can Turanci.

Gaisuwa kuma ki tsaya a kan hanya da gajiya. Na san halinmu, baki yakan zarce zuwa "ɗan wace unguwa ne?" ko "kina da aure?" Da kyakkyawar niyya ake yi. Sai dai wanda aka gano unguwarsu ɗaya da wani a kwamiti zai saki jiki, na bayansa kuma ya fita yana cewa an yi sanayya. Shi ya sa nake son takarda. Na farko da safe da na goma sha biyu bayan azahar, lokacin da yunwa ta kama ku, duk abu ɗaya za su ji.

Mako biyun nan, ki tabbatar da shi wurin hukumar makaranta kafin ki furta. Alkawari kaya ne. In wata guda ne, ki ce wata guda. Kuma kada tausayi ya sa ki ce "in sha Allahu aikin naka ne". Zai je gida ya faɗa wa mahaifiyarsa.

Ki karanta takardar sau uku a gida har ta zauna a bakinki, don ki riƙa ɗaga ido kina dubansa. In kin zo tambayar da ke ƙarshen takardar, ki yi shiru ki jira amsa. In ya gyara zama ko ya kai hannu ga ruwan, to ya sauka. Sai ki fara da mai sauƙi, ki ce ya ba ku labarin ajin da ya koyar na baya-bayan nan.