Ina ribar take zurarewa? Mu bi kajin buroila 100 daga ƙyanƙyasa zuwa hannun dillali



Sau da yawa za ka ji mutum ya ce: "Kajina sun yi kyau, na sayar da su kaf, amma ban ga kuɗin ba." Maganin wannan shi ne ka bi kazar mataki-mataki, tun daga sayen ɗan tsako, abinci, rainon cikin ɗaki, har ranar sayarwa. A kowane mataki ka tambayi kanka: nawa na yi niyyar kashewa, nawa kuma ya fita a zahiri? Inda lambobin biyu suka fi saɓawa, nan ɓarakar take.

Ga misali. Farashin nan na lissafi ne kawai, kowa ya sa na kasuwarsu.

Abin da aka tsara

'Yan tsaki 100 a kan ₦1,000: ₦100,000
Abinci buhu 16 mai kilo 25, a kan ₦25,000: ₦400,000
Rigakafi da magani: ₦25,000
Gawayi, diddigar katako, ruwa da kuɗin mota: ₦35,000
Jimla: ₦560,000

Niyyar ita ce a sayar da kaji 95 a ƙarshen sati na shida, kowace ₦7,000. Wato ₦665,000, riba ₦105,000.

Abin da ya faru kuwa, an tashi da faɗuwar ₦60,000. Da ka tambayi mai kajin zai ce maka mutuwa ce ta karya shi. Bari mu duba.

1. Mutuwa

An yi tsammanin rasa 5, sai aka rasa 10, ƙarin biyar ɗin a sati na biyar lokacin zafi. Kaji 5 sau ₦7,000, an rasa ₦35,000. Lura da lokacin mutuwar. Ɗan tsakon da ya mutu a satin farko kusan kuɗin sayensa kawai ya tafi da shi. Wanda ya mutu a sati na biyar ya riga ya ci wajen kilo uku na abinci. Saboda haka kada ka rubuta adadi kawai, ka rubuta da ranar.

2. Ɓarnar abinci

Kafin sati na shida ya cika an buɗe buhu 18 maimakon 16. Ƙarin ₦50,000 ke nan. Ga yadda za ka gane: raba kilon abincin da aka ci da jimlar nauyin kajin. Buhu 18 kilo 450 ne. Kaji 90 masu kilo 2.3 sun ba da kilo 207. Ka ga kowane kilo na kaza ya ci maka kusan kilo 2.2 na abinci, alhali tsarinka bai wuce 1.8 da ɗan kai ba.

Kafin ka zargi kamfanin abinci, tona diddigar da ke kewaye da mazubi. In ka ga abinci a ciki, to ana cika mazubin ne fal, ko kuma ya yi ƙasa. Bakinsa ya daidaita da gadon bayan kazar, kana ɗaga shi suna girma. Duba ma'ajiya kuma saboda ɓera da danshi.

3. Jiran mai saye

Nan ne babban ramin. Kaji sun kai, babu mai saye a hannu, aka ƙara sati guda. A wannan girman kaza ɗaya tana cin wajen giram 190 a rana. Kaji 90 a kwana bakwai sun lashe kusan buhu 5, wato ₦125,000. Da dillali ya zo, da ido ya yi ciniki ba da sikeli ba, ya ƙara ₦500 kacal a kan kowace. An samu ƙarin ₦45,000, an kashe ₦125,000. Asarar ₦80,000.

Haɗa su: 35,000 da 50,000 da 80,000 sun ba da ₦165,000. Cire ribar ₦105,000 da aka sa rai, ga faɗuwar ₦60,000 ta fito. Mutuwar da ake ta kuka da ita ita ce mafi ƙanƙanta a cikin ukun.

To me za a gyara da farko?

Wurin sayarwa. Fara neman mai saye tun sati na huɗu, ku tsayar da rana. Auna kaji goma ka san matsakaicin nauyinsu, sannan ka raba duk kuɗin da ka kashe da adadin masu rai, don ka san farashin da ba za ka sauka ƙasa da shi ba. Ka kuma leƙa kasuwa ka ji nawa dillalin yake sakinsu. Ba duka ratar ce ribarsa ba, akwai kuɗin mota da wadda za ta mutu a hanya. Amma in masu gashi ko gidan abinci na kusa da kai, sayar musu da wani kaso kai tsaye zai dawo maka da wani abu daga ciki.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai da littafi. Kullum rubuta abu uku: buhun da aka buɗe, kazar da ta mutu, kuɗin da ya fita. Sati-sati kuma ka ƙara nauyi.

Wanda ya taɓa yin wannan lissafin, a wane mataki naka ya fi zurarewa? Allah ya sa albarka a kiwo.