Rabon Maki a Amsar Tambayar Matsala ta Fannin Shari'a: Misali daga Dokar Kwangila

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake gyaran amsar tambayar matsala a fannin shari'a bisa matakai huɗu, wato mas'ala da ƙa'ida da ɗabbaƙawa da matsaya. An kafa misali da matsala guda ta ciniki domin nuna inda ya kamata maki ya fi nauyi.

1.0 Gabatarwa

Tambayar matsala ita ce wadda ake ba ɗalibi ƙagaggen labarin wata taƙaddama, a nemi ya shawarci ɗaya daga cikin masu jayayya. Ana sa ran ya fito da mas'alar da ake saɓani a kanta, ya kawo ƙa'idar da ta shafe ta tare da madogara, ya ɗabbaƙa ƙa'idar a kan abin da ya auku, sannan ya tsayar da matsaya. Mai gyara yakan raba maki tun kafin ya buɗe takarda ta farko. A wannan misali an ɗauki maki 20: mas'ala 3, ƙa'ida 5, ɗabbaƙawa 9, matsaya 3.

2.0 Matsalar

Ranar Litinin Audu ya rubuta wa Binta cewa zai sayar mata da motarsa a kan naira miliyan 5. Ranar Talata ta amsa da cewa, "Ko za ka karɓi miliyan 4.5?" Audu bai tanka ba, ya sayar wa wani da motar ba tare da ya sanar da ita ba. Ranar Laraba Binta ta aiko cewa ta amince da miliyan 5. An nemi ɗalibi ya shawarci Binta.

Mas'alar ita ce matsayin saƙon Talata: sabon tayi ne wanda ya kashe tayin Audu, ko kuwa neman ƙarin bayani ne kawai? Ɗalibin da ya rubuta "ko akwai kwangila" bai wuce maki 1 ba, domin bai taɓa inda gizo ke saƙar ba.

Madogara biyu ake nema daga hukunce-hukuncen kotunan Ingila, waɗanda dokar kwangila ta Nijeriya ta gada. A shari'ar Hyde da Wrench ta 1840, an yi tayin sayar da gona a kan fam 1,000, mai saye ya taya fam 950, aka ƙi, daga baya ya dawo kan fam 1,000. Kotu ta ce sabon tayinsa ya riga ya kashe na farko. A shari'ar Stevenson da McLean ta 1880 kuwa, kotu ta ɗauki saƙon mai saye a matsayin tambaya kawai, don haka tayin bai mutu ba.

3.0 Gyaran Amsoshi Biyu

Ɗalibi na farko ya gano mas'alar, ya zayyana shari'o'in biyu daki-daki, sannan ya rufe da jimla ɗaya: "Saboda haka babu kwangila." Ya cancanci maki 3 a mas'ala da 5 a ƙa'ida, amma 1 kacal a ɗabbaƙawa, da 1 a matsaya, jimilla 10. Alamar raunin a fili take: idan aka cire sunayen Audu da Binta, amsar za ta dace da kowace tambaya ta tayi.

Ɗaliba ta biyu ta kawo ƙa'idojin daidai, amma ta manta sunan shari'a ta biyu, sai ta sami 3 a mas'ala da 4 a ƙa'ida. Sai dai ta tsaya a kan lafazin Binta. Ta nuna cewa "ko za ka" sigar tambaya ce, ba ta ɗaure mai faɗinta ba. Ta kuma kawo hujjar Audu, cewa saƙon ya ambaci wani farashi takamaimai, kamar yadda aka yi a shari'ar 1840. Ta ƙara da cewa in har tayin yana raye, sayar wa wani bai janye shi ba, tun da labarin bai isa ga Binta ba. Wannan ya ba ta 8 a ɗabbaƙawa. Matsayarta, cewa mai yiwuwa kwangila ta ƙullu kuma Binta na iya neman diyya, ta sami 3, jimilla 18.

4.0 Iyakokin Tsarin

Da ɗalibar ta rinjayar da hujjar Audu bayan ta auna ɓangarorin biyu, makinta ba zai ragu ba, domin ana duba ko matsayar ta biyo hujja ne, ba ko ta dace da ra'ayin malami ba. Haka nan, kuskuren da aka hukunta a ƙa'ida ba a sake hukunta shi a ɗabbaƙawa. Idan tambaya ta ƙunshi mas'aloli da dama, kowace ana bin ta da nata matakan huɗu.

5.0 Kammalawa

Misalin ya nuna cewa tazarar maki 8 da ke tsakanin amsoshin biyu ta samo asali ne daga ɗabbaƙawa. Abin da mai gyara zai nema a kowane sakin layi shi ne wurin da ɗalibi ya haɗa wata kalma ko wani aiki na cikin labarin da ƙa'idar da ya kawo.