Tambaya da Amsa: Aiki nake a ɗaki, amma a gidanmu ana ganin zaune nake

TAMBAYA

Anti, ni matar aure ce a Kano, ina da yara biyu 'yan firamare. A babban gida muke, sashenmu na jikin na surukata, Hajiya. Ina yi wa wani kamfanin bincike da ke Landan aiki daga gida: su turo mini hirarrakin da aka naɗa da Hausa, in saurara in rubuta su kalma da kalma. Da zarar na sa abin sauraro a kunne, sai a turo yaro wai Hajiya na kira, ko matar wan mijina ta ajiye mini jaririnta ta tafi kasuwa, tunda "ai kina gida". A makon jiya na karɓi hira ta awa huɗu ran Litinin, na yi alkawarin miƙawa ran Juma'a, ban gama ba sai Lahadi da asuba, bayan na kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Karo na biyu ke nan da na makara. Maigida ya ce in yi haƙuri kawai. Yaya zan tsayar da lokacin aiki ba tare da an ce na raina manya ba?

Daga wata mai karatu, Kano.

AMSA

Ƙanwata, kafin mu je kan Hajiya, bari mu fara da lissafi, domin ina zargin ko da ba wanda ya leƙo ɗakinki a makon nan, da ƙyar ki cika alkawarin Juma'a.

Masu wannan sana'a sun san cewa awa ɗaya ta magana kan ci kamar awa huɗu wajen rubutawa, in murya ta fita tsaf kuma mutum ɗaya ko biyu ke magana. In hirar taron mata ce a tsakar gida, ana katse juna, ga kukan awaki, ga karin harshen da kunnenki bai saba ba, takan kai awa shida ko fiye. Mu ce naki awa biyar ne, a ƙara awa ɗaya ta sake saurare da gyara, shida ke nan. Hirar awa huɗu da kika karɓa aikin awa 24 ce.

To awa nawa kike da ita a mako? Ba ina nufin awannin da kike gida ba, ina nufin waɗanda gidan yake shiru. A irin gidanku galibi lokaci biyu ne. Na farko bayan yara sun tafi makaranta an gama shara da wanke-wanke, wato daga 8:30 zuwa 11:30, kafin a ɗora tukunyar rana. Na biyu bayan la'asar in sun tafi Islamiyya, daga 4:15 zuwa 5:45. Awa huɗu da rabi ke nan a rana. Amma in Islamiyyarsu irin wadda ke hutun Alhamis da Juma'a ce, a ranakun nan biyu na yamma ya tafi. Litinin zuwa Laraba awa 13 da rabi, Alhamis da Juma'a awa shida, duka 19 da rabi. Cire kashi ɗaya cikin huɗu saboda ɗaukewar wuta, zazzaɓin yaro da abin da ba a rasa ba, sai ki tashi da kamar awa 15. Awa 15 kuwa hirar awa biyu da rabi take ɗauka. Ragowar awa tara ɗin nan su ne kika biya da barcinki. Saboda haka iyakar farko da kamfanin za ki kafa ta: in sun turo awa huɗu, ki ce za ki miƙa rabi ran Juma'a, saura ran Laraba mai zuwa. Mai ba da aiki ya fi son ya ji haka ran Litinin da ya ji uzuri ran Juma'a da yamma.

Ki lura kuma da agogonsu. Najeriya ba ta sauya agogo, Birtaniya na sauyawa. Daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, lokacin Landan da na Kano ɗaya ne. Sauran watannin muna gabansu da awa ɗaya, ƙarfe biyar ɗinsu shida ce a wurinmu, dab da magariba. Duk wa'adin da za ki karɓa, ki nemi a rubuta shi da sunan gari, ke ma ki rubuta musu awannin da za a same ki.

Yanzu gida. Ban yarda raini ne ko mugunta ke sa ake katse ki ba. Hajiya ta san sana'ar cikin gida fiye da ni da ke, wataƙila da ita ta aurar da 'ya'yanta. Sai dai sana'ar da ta sani, ɗinkin hula ko kitso ko dakan ƙuli-ƙuli, aikin hannu ne da baki ke hira ana yinsa, in an kira ki sai ki soke allura ki tashi, ki dawo ki tarar da zarenki inda kika bar shi. Naki aikin kunne ne da ƙwaƙwalwa. Kiran minti biyu yakan ci miki minti goma ko fiye, domin sai kin koma baya kin gano wa ke magana, a ina jimlar ta tsaya. Wannan bambancin ba wanda ya taɓa nuna mata. Abin da take gani kawai shi ne surukarta zaune a kan katifa tana latse-latse.

Don haka nuna mata za a yi. Wata rana da hantsi ki kai kwamfutar sashenta, ki sa mata abin sauraron a kunne minti ɗaya, ki ce, "Hajiya, duk abin da matar nan ta faɗa sai na rubuta shi yadda ta faɗa, in na tsallake kalma ba za su karɓa ba." Kada ki zaɓi hirar da aka ce sirri ce, yawancin kamfanonin bincike na sa a sa hannu a kan haka; ki naɗi wani shirin rediyo ki gwada mata da shi. Ranar da kuɗi suka shigo kuma, ki sayo mata abin da take so, turare ko goro ko atamfa gwargwadon ƙarfinki, ki ce na aikin nan ne, ta sa albarka. Wasu za su ce toshiyar baki ce. Ni ban ɗauke shi haka ba: aikin da tsohuwa ta sa wa albarka da bakinta, da wuya ta bari a wulaƙanta shi.

Maganar awanni kuwa ba daga bakinki za ta fito ba. Suruka ba ta yi wa uwar miji jadawali, ko da wane irin ladabi ta faɗa. Aikin maigida ne, kuma "ki yi haƙuri" ba ta sauke masa shi. Ki zauna da shi da lissafin nan na sama a takarda, da abin da aikin ke kawowa a wata da inda kuɗin ke tafiya. Shi zai je ya sami mahaifiyarsa, da sigar neman alfarma: "Hajiya, muna roƙon a ba ta daga tafiyar yara makaranta zuwa sha ɗaya da rabi, da kuma bayan la'asar zuwa dawowarsu. In da aike a lokacin, ni za a kira." Ki lura an ɗaure lokutan da abin da kowa a gidan ke gani, fitar yara da kiran salla. Ba mai duba agogo don ya san ko 8:30 ta yi, amma kowa ya san an yi la'asar.

Kuma duk abin da kika janye, ki mayar da madadinsa tun kafin a nema. Ki shiga gaida Hajiya da safe kafin ki zauna, ki tambaye ta ko akwai abin da za a yi, ki gama shi a lokacin. Yawancin kiran ƙarfe goma abu ne da za a iya tarar gabansa da ƙarfe takwas. Bayan azahar ki je ki zauna da ita rabin awa ba tare da waya a hannu ba. Matar wan mijinki tsararki ce, da ita kai tsaye za ki yi magana: "Yaya, da safe ba zan iya riƙe shi ba, amma in za ki fita tsakanin azahar da la'asar, kawo shi." Asabar ki bar ta ga biki da suna da dubiya, zumunci a ƙafa yake, kuma matar da aka daina gani a sha'ani ita ake fara yi wa tsegumi kan sana'arta.

Sai a yarda kan abin da ya isa a buga miki ƙofa. Ni uku nake ba da shawara: rashin lafiya, rasuwa, da baƙon da ya zo daga wani gari. Aron turmi, canjin dubu ɗaya da "zo ki ga atamfar da aka kawo" su jira. Alamar ta zama abin gani, labule a sake da ƙofa a rufe na nufin ana aiki. Ki tashi daga kan katifa, ko ƙaramin teburi ne a kusurwa ki samu, don idon mai leƙowa ya ga wurin aiki. A waya ki kunna Do Not Disturb, ki bar lambar maigida da ta makarantar yara da ta Hajiya su riƙa shigowa. In kina hulɗa da kamfanin ta WhatsApp Business, akwai Away message da za ki saita ya amsa da kansa a wajen awanninki.

Makonnin farko za a gwada ki, ba da gangan ba, sabo ne. In an turo yaro, ki buɗe, ki ce ya gaya wa Hajiya kina zuwa sha ɗaya da rabi in ba na gaggawa ba ne, sannan sha ɗaya da rabi ta same ki a ƙofarta. In kika saɓa sau biyu, zancen ya rushe. Hanya mafi sauri ta rusa shi kuma daga wajenki take: ranar da aka leƙo a lokacin da aka ba ki aka tarar kina kallon fim ko hira a waya, ko ranar da kika zo wurin Hajiya da kwamfuta a cinya a lokacin da yake nata.

Ki riƙe ɗan littafi mako biyu, kina rubuta lokacin da kika zauna, lokacin da kika tashi da abin da ya tashe ki. In har yanzu kina aiki bayan isha fiye da sau ɗaya a mako, ki duba littafin. In katsewar ta ragu amma aikin bai ƙare ba, kin karɓi fiye da awa biyu da rabi ne, ki rage. In kuwa mutum ɗaya ne sunansa ke ta maimaituwa, littafin za ki miƙa wa maigida. Hutun makaranta da azumi kuma lissafinsu daban ne, domin yara na gida da safe a hutu, a azumi kuma yamma ta girkin buɗa-baki ce. Ki sanar da kamfanin mako biyu kafin su zo cewa a makonnin nan abin da za ki iya karɓa bai wuce hirar awa ɗaya da rabi ba.