Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Sa Gashi Ya Koma Kore Bayan Rini Mai Launin Toka?

Wata mai sauraro ta tambayi dalilin da ya sa gashinta ya yi kore-kore bayan an yi masa bilicin, aka ɗora rini mai launin toka.

Bilicin yana cinye melanin, wato sinadarin da ke ba gashi launinsa, har jan da ke ciki ya gushe, sai rawaya ta rage. Shi kuwa rinin toka shuɗi ne ya rinjaya a cikinsa, kuma idan shuɗi ya hau kan rawaya ba tare da jan da zai daidaita su ba, kore ne ke fitowa. Abin ya fi tsanani a bakin gashi, inda bilicin ya fi huda shi, domin yana zuƙar rini fiye da kima har ya dushe kamar laka. Tun farko rini mai launin shunayya ya kamata a sa, domin shi ke kashe rawaya, shuɗi kuwa ruwan goro yake kashewa.

Gyaran yakan fara da wanke gashin sau biyu ko uku da shamfu mai ƙarfi, domin rinin ya sassauta. Idan koren bai tafi ba, sai a mayar da jan da aka rasa, ta hanyar shafa rini mai ɗan ja-ja, haɗe da faroksaid da bai wuce kashi 3 cikin 100 ba, bayan an gwada a ɗan tsirarun gashin ƙeya, domin ja idan ya yi yawa shi ma ɓarna ne. Sake yin bilicin kuwa kuskure ne, domin gashin da ya riga ya raunana karyewa zai yi.